Ali, The Hurricane ko Cinderella Man: wanne za mu saka daren Asabar?

Musun ya taso ne a bes ɗinmu na Nima bayan sallar isha'i, ana kan ataya na biyu. Wani ƙanenmu ya aro furojekta na dare ɗaya tak, Asabar mai zuwa, kuma mun riga mun yarda fim ɗin dambe za a saka, don a garin da ke da Bukom, garin Azumah Nelson da Ike Quartey, ba sai ka roƙi mutum ya zauna kallon boksin ba. Finafinai uku ne a hannunsa, Ali na 2001, The Hurricane na 1999 da Cinderella Man na 2005. Sai yake ce min, Yaya ai ko wanne aka saka ɗaya ne, duk labarin gaskiya ne, an ma rubuta a jiki. Na ce masa a'a ƙanena, ba ɗaya ba ne wallahi, dukkansu akwai ƙari a ciki amma ƙarin kowanne daban yake, kuma akwai wanda ƙarinsa ya ɓata sunan mutumin da bai ci ba bai sha ba. Na kalli ukun nan fiye da sau ɗaya, na kuma bi diddigin abun da ya faru da gaske, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda nake ganinsu ko wani ma zai amfana.

Abu na farko da ya kamata mutum ya cire daga ransa shi ne dogaro da rubutun nan da ke fitowa a farko, "Based on a true story". Wannan rubutun ba rantsuwa ba ce, babu wata hukuma da ke auna cewa sai gaskiyar ta kai kashi kaza kafin a sa shi. Ma'anarsa kawai an yi mutumin, kuma wani abu mai kama da wannan ya faru. Duk hirar da ka ga miji da mata suna yi a ɗaki, ko ɗan dambe da kocinsa a cikin mota, marubuci ne ya zauna ya tsara, don babu wanda ya ɗauki muryarsu a lokacin. Wannan ni ba ya damuna, dole ne a yi shi, haka ma matse shekara goma a cikin awa biyu da rabi. Abun da nake dubawa shi ne ko an canza sakamakon abun da ya faru a gaban jama'a, da kuma wanda aka ɗora wa laifi. Kuma daɗin dambe shi ne ba ya ɓuya, an rubuta rana da gari da zagayen da aka tsaya da hukuncin alƙalai, yawancin manyan wasannin ma akwai hotonsu na asali a YouTube, tarihin wasannin 'yan dambe kuma yana shafin intanet na BoxRec. Minti goma da wayarka ya isa ka kama fim in ya yi maka ƙarya.

Bari in fara da The Hurricane don shi ne ya fi taɓa zuciya kuma shi ne na fi samun matsala da shi. Denzel Washington ne ya fito a Rubin Carter, ɗan damben matsakaicin nauyi daga New Jersey, kuma gaskiya wasan da ya yi a nan ba ƙarami ba ne, ya ci Golden Globe da shi, aka kuma sa shi a takarar Oscar. Ƙashin bayan labarin gaskiya ne. A watan Yuni 1966 an harbe mutane a wata mashaya mai suna Lafayette a garin Paterson, uku suka mutu, aka kama Carter da wani saurayi John Artis, aka yanke musu ɗaurin rai da rai a 1967, masu taya alƙali yanke hukunci a wannan shari'ar duk fararen fata ne. Manyan shaidun biyu, Alfred Bello da Arthur Bradley, mutane ne da su kansu sata suka je yi a unguwar a daren, kuma a 1974 suka janye shaidarsu. Carter ya yi kusan shekara 19 a kurkuku kafin alƙalin tarayya H. Lee Sarokin ya soke hukuncin a Nuwamba 1985. Yaron nan Lesra Martin da ya karanta littafin Carter ya fara rubuta masa wasiƙa shi ma an yi shi, mutanen Kanada da suka riƙe shi a Toronto su ma haka.

To ina ƙarin yake? Ga wurin da nake so kowa ya gwada da kansa. A fim ɗin an nuna wasan kambun duniya tsakanin Carter da Joey Giardello, Carter ya lakaɗa masa duka har fuskarsa ta kumbura, kowa a zauren ya san wa ya ci, sai alƙalai suka ba Bature saboda wariyar launin fata. Ranar da na fara ganin wurin nan raina ya ɓaci sosai, na yarda ɗari bisa ɗari. Daga baya na nemi wasan na asali. An yi shi ne 14 ga Disamba 1964 a Philadelphia, zagaye 15. Carter ya fara da kyau, a zagaye na huɗu ma Giardello ya samu tsaga a gefen ido, amma daga nan Giardello ya karɓe wasan, yana kai naushin hagu yana zamewa, Carter na bin sa bai iya kama shi ba, kuma alƙalan uku duk Giardello suka ba. Carter da bakinsa ya amince daga baya cewa an ci shi. Giardello yana raye lokacin da fim ɗin ya fito, tsoho ne, ya ga an mai da nasarar da ya sha wuya a kanta ta zama ta sata a idon duniya, ya kai masu fim ɗin kotu, aka sasanta a waje, darakta Norman Jewison ya yaba masa a sharhin da ke kan faifan DVD. Ka ga wannan ba irin hirar ɗaki ba ce da babu wanda ya ji, wasa ne da aka yi a gaban dubban mutane da kyamara, aka juya shi.

Kuma in ka ci gaba da duba tarihin Carter a BoxRec za ka ga wani abu da fim ɗin bai faɗa ba. Gaskiya ne ya kayar da Emile Griffith a zagayen farko a Disamba 1963, wannan babban abu ne. Amma bayan Giardello tauraruwarsa ta fara dusashewa, a 1965 ɗan Najeriya Dick Tiger ya kai shi ƙasa sau uku a Madison Square Garden ya ci shi. Jimillar wasanninsa nasara 27, kaye 12, canjaras 1. Ɗan dambe ne mai haɗari, hannunsa da nauyi, amma lokacin da aka kama shi a 1966 ba a bakin ɗaukar kambu yake ba kamar yadda mai kallo zai fita yana zato.

Sai ɗan sandan nan Della Pesca, mugun da ke bin Carter tun yana yaro har ya tsufa, yana nan a kotu ranar ƙarshe yana harara. Rubuta sunan a waya ka nema, ba za ka samu ɗan sanda mai wannan sunan ba sai a cikin fim. Wanda ya jagoranci binciken na gaske sunansa Vincent DeSimone, kuma ya rasu a 1979, shekara shida kafin a saki Carter, to ta ina zai zauna a kotun 1985? Wannan wata alama ce da na koya, duk lokacin da ka ga an canza sunan mutum ɗaya a cikin fim alhali sauran duk da sunayensu na gaskiya suke, to abun da aka sa shi yi ba za a iya kare shi a gaban alƙali ba. Haka shari'a ta biyu ta 1976, wadda aka sake samunsu da laifi kuma akwai baƙaƙen fata biyu cikin masu yanke hukuncin, fim ɗin ya wuce ta da gudu. An kuma nuna kamar mutanen Kanada ne suka tono sabuwar shaida kamar 'yan sandan ciki, har da lalata musu mota don a kashe su, alhali aikin shekaru ne na lauyoyi irin su Myron Beldock da Lewis Steel da Leon Friedman, kuma hukuncin Sarokin ya tsaya ne a kan cewa masu gabatar da ƙara sun yi amfani da batun launin fata sun kuma ɓoye wa ɓangaren masu kariya wani bayani. Wanda ya fi ba ni tausayi John Artis ne, yaro ɗan shekara 19 da aka ce ya ba da shaida a kan Carter a sassauta masa ya ƙi, ya yi kusan shekara 15 a ɗaure, amma a fim ɗin kamar ɗan rakiya yake.

Me ya jawo haka? Duba daga ina aka ɗauko labarin. Littattafai biyu ne, ɗaya Carter ne ya rubuta da kansa yana kurkuku, The Sixteenth Round, ɗayan kuma biyu daga cikin mutanen Kanadan ne suka rubuta. In mai ƙara da abokan mai ƙara ne kaɗai suka ba ka labari ka san gefen da zai karkata. Ba ina cewa ba a zalunci Carter ba, kotun tarayya ta ce shari'ar da aka yi masa ba ta adalci ba ce kuma wannan ya isa, abun da ke min ciwo shi ne labarin na gaske yana da ƙarfin da ba ya buƙatar a ƙara masa gishiri har haka.

Cinderella Man shi kuma lamarinsa daban ne, gwarzon gaskiya ne kusan duka, abokin gabar ne aka zalunta. Russell Crowe ne James J. Braddock, Renée Zellweger matarsa Mae, Paul Giamatti manajansa Joe Gould, darakta Ron Howard. In ka bi jerin wasannin za ka ga sun zauna daram. Braddock ya sha kaye a hannun Tommy Loughran a 1929, hannunsa na dama ya yi ta karyewa, tattalin arzikin Amurka ya rushe, ya koma dako a tashar jirgin ruwa, har ta kai ya je karɓar tallafin gwamnati don ya ciyar da 'ya'yansa uku. A Yuni 1934 aka kira shi ya cike gurbi da sanarwar kwana biyu kacal, ya kayar da Corn Griffin a zagaye na uku, sannan ya ci John Henry Lewis, ya ci Art Lasky, sai 13 ga Yuni 1935 ya ci Max Baer da maki bayan zagaye 15 ya zama zakaran duniya na masu nauyi, alhali masu caca sun ba shi ɗaya cikin goma. Wurin da kowa ke zaton ƙari ne, inda ya koma ofishin tallafi ya mayar da kuɗin da aka taɓa ba shi, wannan ya faru da gaske. Ni wurin nan ne ke sa ni hawaye, don na san magidanta a Nima da Mamobi da irin wannan zuciyar, mutum ya ci bashin mai shago wata uku, ranar da ya samu kafin ya shiga gida sai ya biya.

Amma Max Baer na fim ɗin wani dodo ne, yana alfahari ya kashe mutum biyu a filin dambe, yana yi wa matar Braddock maganar banza a gidan cin abinci. Ga abun da ya faru. A Agusta 1930 a San Francisco, Frankie Campbell ya mutu bayan wasansa da Baer, wannan gaskiya ne, amma Baer bai yi alfahari da shi ba, abun ya girgiza shi, ya sha kaye a wasanni da dama bayan haka, ya kuma taimaka wa iyalan mamacin da kuɗi. Na biyun, Ernie Schaaf, ya yi wasa da Baer a 1932 amma ya mutu ne a Fabrairu 1933 bayan wasansa da Primo Carnera, ba a hannun Baer ba. Mutanen da suka san Baer sun san shi da barkwanci da son raha, ɗansa Max Baer Jr. ya fito ya nuna ɓacin ransa sosai da fim ɗin ya fito. In ka kalli hoton wasan 1935 na asali za ka ga ba yaƙin mutuwa ba ne kamar na fim, Baer na ta wasa da dariya yana ɓata zagaye, Braddock na tara maki a hankali. Akwai kuma abokin dakonsa Mike Wilson da ya mutu a rikicin matsugunin marasa gida na Central Park, shi ƙirƙirarsa aka yi don a nuna halin da talakawa suka shiga, kuma wannan irin ƙarin ban ga laifinsa ba don ba a ɗora wa kowa sharri da shi ba.

Bambancinsa da Giardello shi ne Baer ya mutu tun 1959, mamaci ba ya kai ƙara. Shi ya sa in fim ɗin tarihi ya nuna maka mugu wanda babu ɗigon alheri a jikinsa, tambayi kanka ko mutumin na raye lokacin da aka yi fim ɗin. In ya mutu sai a yi yadda aka ga dama da shi.

Yanzu Ali. Wannan shi ne wanda 'yan bes suka fi kuka da shi, wai yana da tsawo, wai ana yin shiru da yawa, kuma ba ƙarya suka yi ba, minti 157 ne kuma darakta Michael Mann ba ya gaggawa. Amma a wajen riƙe gaskiya ya fi sauran biyun nesa ba kusa ba. Shekara goma kawai ya ɗauka, daga 25 ga Fabrairu 1964 da Cassius Clay, wato Muhammad Ali kafin ya canza suna, ya ci Sonny Liston a Miami, Liston ya ƙi tashi daga kujera a zagaye na bakwai, zuwa 30 ga Oktoba 1974 da ya kayar da George Foreman a zagaye na takwas a Kinshasa ta ƙasar Zaire, wato Kongo ta yanzu. A tsakani akwai canza suna, ƙin shiga soja a Afrilu 1967, ƙwace masa kambu da lasisi, fiye da shekara uku ba dambe, kayen da ya sha a hannun Joe Frazier a 8 ga Maris 1971 har da faɗuwar zagaye na 15, da hukuncin kotun ƙoli na Yuni 1971 da ya wanke shi. Ba a juya sakamakon wasa ko ɗaya ba. Na taɓa ajiye waya biyu gefe da gefe, ɗaya wasan Kinshasa na asali ɗaya na fim, yadda Ali ya fara da naushin dama kai tsaye a zagayen farko, yadda ya jingina da igiya ya bar Foreman na dukan hannuwa da haƙarƙari har ya gaji, yadda Foreman ya juya ya faɗi, wallahi kamar an kwafa. Will Smith da ya fito a Ali ya ƙara jiki ya yi kusan shekara yana koyon dambe, kuma da yawa cikin waɗanda suka fito a abokan karawarsa 'yan dambe ne na gaske, James Toney ne ma ya fito a Frazier.

Akwai wuri guda da ya shafe mu kai tsaye. A fim ɗin Ali ya haɗu da Malcolm X a Afirka, Malcolm ya zo da fara'a, Ali ya juya masa baya saboda Malcolm ya rabu da Elijah Muhammad, shugaban ƙungiyarsu ta Nation of Islam. Wannan ba ƙirƙira ba ce, a nan Accra aka yi, a Mayu 1964, a ƙofar otal ɗin Ambassador, wurin da Mövenpick yake yanzu. A wannan tafiyar ce Ali ya gana da Kwame Nkrumah, ya ɗaura kente, ya je Kumasi, daga nan ya wuce Najeriya da Masar. Malcolm an kashe shi a Fabrairu 1965 ba su shirya ba, kuma Ali ya faɗa daga baya cewa wannan juya bayan yana cikin abubuwan da ya fi nadama a rayuwarsa. Kawuna da ya tashi a Zangon Kumasi yana yaro lokacin, har yau in aka taɓo zancen sai ya gyara zama ya ce ɗana, ranar nan mutane har kan bishiya suka hau, mu muna bin motar da gudu ba takalmi. Ranar da na nuna masa wurin nan a waya shiru ya yi, sai ya ce a mayar masa baya ya sake gani.

Ƙarin da ke cikin Ali na tsallake ne da sassautawa. Kinshasar da kake gani ba Kinshasa ba ce, a Maputo ta Mozambik aka ɗauka. Ken Norton da ya karya wa Ali muƙamuƙi ya ci shi a 1973 an tsallake shi, sai ka zata daga Frazier hanya ta miƙe zuwa Zaire. Ɗan jarida Howard Cosell, wanda Jon Voight ya fito a matsayinsa, an kusanto da shi jikin Ali sosai don a samu mai ɗaukar labarin. Kuma zafin bakin da Ali ya yi wa Frazier, mutumin da ya taimaka masa da kuɗi lokacin da aka hana shi dambe, ya riƙa kiransa ɗan koren Turawa a gaban duniya, fim ɗin bai nuna zurfin ciwon da wannan ya bar wa Frazier ba. Amma a ɗaya gefen bai mai da Ali waliyyi ba, an nuna yadda aurensa da Sonji Roi ya mutu a kan sutura da addini, an nuna yadda ya fara neman Veronica a Zaire alhali Belinda na matarsa. Fim ɗin da ya yarda ya nuna aibin gwarzonsa yawanci ba ya buƙatar ƙirƙiro dodo, kuma ka lura Foreman a nan ba mugu ba ne, ƙato ne mai shiru da ƙarfi, iyakarta ke nan. Wanda ke son ya tabbatar da kansa ya nemi When We Were Kings na 1996, fim ne na hotunan asali da Leon Gast ya haɗa kan wasan Kinshasa, ya ci Oscar, a nan za ka ji yara na ihun "Ali bomaye" da muryarsu ta gaske.

To wanne za a zaɓa? Ya danganta da waɗanda za su zauna a benci. In da yara da iyaye mata za a kalla, Cinderella Man ne, shi PG-13 ne, wato yara za su iya kallo da iyayensu, sauran biyun R ne, wato na manya, akwai zagi kuma a Ali akwai wurin ɗaki da mutum zai ji nauyi in yana zaune kusa da babba. Labarinsa kuma miƙaƙƙe ne, ko wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba zai bi, magidanci ne da aka yanke wa wuta a lokacin sanyi yana neman kuɗin madarar yara. Sharaɗi ɗaya, wani ya tashi bayan an gama ya faɗa wa jama'a cewa Max Baer ba haka yake ba. In kuma ana son wanda zai sa wuri ya yi tsit, a fita ana share ido, The Hurricane ya fi su duka, ba na musun wannan, amma kar wanda ya tashi daga nan ya je yana ba da tarihin Rubin Carter da abun da ya gani, musamman wasan Giardello da ɗan sandan nan. Masu fim ɗin da kansu sun rubuta a jikinsa cewa an haɗa wasu mutane an ƙirƙiri wasu abubuwan.

Ni dai ƙuri'ata Ali na ba, kuma na faɗa wa ƙanen namu dalili. Mu da muka ce muna son labarin gaskiya, shi ne kaɗai cikin ukun da za ka iya ɗauko kowane wasa a ciki ka ajiye kusa da na asali ba ka ji kunya ba, kuma wani yanki na labarin a kan titin garinmu ya faru. Tsawonsa ne matsala, shi ya sa muka ce za a fara da an idar da isha'i ba jira, a tsaya shan ataya daidai bayan wasan Frazier, sannan a shiga Zaire da ido a buɗe. Yara ƙanana za mu ce su bari sai wani satin in furojektan ya sake samuwa a saka musu na Braddock. Na kira Kawu na ce masa in jikinsa ya yarda ya hau mota ya zo Accra ranar Juma'a, ya ce a ajiye masa kujera mai jingina a gaba.